Wasiƙar imel zuwa ga na gaba: yadda ake buɗewa da rufewa a Hausa da Turanci

Ƙaramar malama ce a wata jami'a, ta gama rubuta takardar da za ta gabatar a taro, tana son shugaban sashensu ya duba mata kafin Alhamis. Farfesa ne, ya haife ta a shekaru, kuma shi ya koyar da ita tun tana ajin farko. Buƙatar tata layi biyu ce. Abin da zai ci mata lokaci shi ne abin da za ta sa a sama da abin da za ta sa a ƙasa, domin Hausa da Turanci ba wuri ɗaya suke ajiye ladabi ba.

A Hausa, babban ladabi shi ne kauce wa sunan babba. Ba za ta rubuta sunansa tsurarsa ba, sai ta ce "Malam", ko "Farfesa", ko "Ranka ya daɗe". Da mace ce shugabar, "Ranki ya daɗe" ko "Hajiya". "Yallaɓai" ya fi zama a bakin ma'aikatan gwamnati da masu kaki. "Allah gafarta Malam" kuwa na malamin ilimi ne, musamman na addini, "Allah ya ja zamaninka" kuma na masu sarauta. Wanda ya jefa shi ga darakta marar rawani, ana iya ɗauka zolaya yake yi ko fadanci. Bayan laƙabi sai sallama da tambayar lafiya, sannan a shigo da buƙata. Tata wasiƙar za ta iya zama haka:

"Assalamu alaikum, ranka ya daɗe. Barka da warhaka, da fatan Malam yana lafiya tare da iyali. Ga takardar da zan gabatar a taron mako mai zuwa na haɗo da wannan saƙo. Idan an samu sarari, ina roƙon a duba mini ita kafin Alhamis. Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara girma. Wassalam, ɗalibarka."

A lura ba ta ce "ka duba" ba. Ta ce "a duba", ta ce "Malam yana lafiya", kamar tana maganar wani na uku. Nan ne rabin girmamawar take. "Ka duba mini" ba zagi ba ne, amma daga ƙasa zuwa sama yana da ƙamshin umarni. Wasu, musamman a Nijar, sukan yi amfani da "ku" ga babba guda ɗaya, su ce "ku duba", kuma shi ma ya yi. Ta zaɓi "barka da warhaka" ne maimakon "ina kwana" don ba ta san lokacin da zai buɗe saƙon ba. Gaisuwar safiya da aka karanta bayan isha'i takan zo banbaraƙwai. Ta tambayi iyali a dunƙule, ba ta ambaci matarsa ko 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya ba.

Wannan tsari gadon wasiƙar takarda ne, wadda ake buɗewa da "bayan gaisuwa mai yawa" a rufe da "haza wassalam". A imel ɗin aiki, ni dai a ganina, layi ɗaya ko biyu na gaisuwa sun wadatar. Wanda ya jero gajiya da sanyi da ibada da jama'a kafin ya faɗi abin da ya kawo shi ya manta cewa dattijon a waya yake karantawa, wataƙila tsakanin taro da taro.

To, idan da Turanci za ta rubuta fa? Nan abin ya juye. Turanci yana son a ambaci sunan, a ambace shi daidai tare da muƙaminsa: *Dear Professor* sai sunan zuriya. Sai dai sunayenmu ba a kan wannan tsari aka gina su ba. Suna na biyu a wurin Bahaushe sau da yawa sunan mahaifi ne, ko na gari. Malam Aminu Kano ba wanda ya kira shi Malam Kano, kuma Shagari sunan garin su Alhaji Shehu ne. Saboda haka idan ta bi ƙa'idar Ingila sau da ƙafa, tana iya kiran Farfesa da sunan mahaifinsa, abin da ba za ta taɓa yi a gabansa ba. Mafita mai sauƙi ita ce ta duba yadda yake sa hannu a nasa saƙonnin da sunan da ke kan littattafansa. In tana shakka, *Dear Professor* kawai ko *Dear Sir* sun isa, kuma a ofisoshin Nijeriya ba mai ganin laifinsu. Ga mace ana rubuta *Dear Ma* a nan gida, amma ga baƙuwa daga waje *Dear Madam* ko muƙaminta da sunanta ya fi.

Kuskure ɗaya da ya yawaita shi ne manna *Sir* a gaban suna. A Turancin Ingila wannan lambar girma ce da masarauta ke bayarwa, irin wadda aka ba Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa, kuma da sunan farko take tafiya. A wasiƙar aiki kalmar ita kaɗai take tsayawa. *Hi* da *Hey* kuwa a bar su ga tsara.

Rufewar Turanci tana da tsohuwar ƙa'ida da ake koyarwa a sakandare: wasiƙar da aka buɗe da *Dear Sir* a rufe ta da *Yours faithfully*, wadda aka ambaci suna a rufe da *Yours sincerely*. A imel tsakanin mutanen da suka san juna, *Kind regards* ya fi yawa yanzu, kuma bai rage wa babba komai ba idan *Thank you, Sir* ya gabace shi. Sai cikakken sunanta da sashenta a ƙasa. Abin da ba ya haurawa shi ne addu'a da tambayar gida. "Allah ya ƙara girma" da aka juya kalma da kalma zuwa Turanci takan yi kama da roƙon alfarma, tambayar yadda mutum ya kwana kuma Bature na iya jin ta kamar leƙen asiri. Layi guda irin *I hope you are well* shi ne iyakar abin da harshen ke ɗauka.

Da yawa daga cikinmu gauraya muke yi: sallama a sama, Turanci a tsakiya, "na gode" a ƙasa. Tsakanin mutum biyu da suka saba, ba laifi. Abin dubawa shi ne su wa aka sa a layin Cc. Wataƙila ita "Baba" take ce masa a ofis, amma saƙon da magatakarda da sauran malamai za su gani ba wurin "Baba" da "'yarka" ba ne, don yakan sa a zaci alfarma ake nema ta hanyar kusanci. Haka nan idan shugaban ba Musulmi ba ne, "barka da warhaka, ranka ya daɗe" a sama da "a huta lafiya" a ƙasa sun ɗauke nauyin gaba ɗaya.

Gajerce-gajercen waya irin su "slm" da "ngd" ba su da gurbi a nan, ko da shi ya fara yin su. Babba yana da damar ya amsa da kalma uku, ya ce ya gani zai duba. Ita ba za ta sauko daidai da shi ba, amma kuma ba sai ta sake shimfiɗa gaisuwa daga farko ba tunda zancen bai yanke ba. "To, ranka ya daɗe, na gode" ya isa amsa ta biyu. In kwana biyu suka wuce kafin ta sake rubutawa, sai ta koma ta fara da sallama.