Ƙananan Kalmomin da Ke Ɓata Wasiƙar Ofis

A cikin ganuwar Zariya da Hausa ake rayuwa, amma da Turanci ake rubuta takarda. Mutum zai gama zancensa kaf da Hausa a zaure ko a masallaci, sai a ce masa ya kawo a rubuce, nan take harshe ya sauya. Takardar neman aiki, da ƙorafin unguwa zuwa ƙaramar hukuma, da bayanin taron iyaye da malamai, duk da Turanci suke fita daga shagunan buga takardu na Ƙofar Doka da Babban Dodo. Ba sabon abu ba ne ga garin da aka buɗe wa makarantar horar da akawuna a Kongo tun 1947, wadda daga baya ta zama Cibiyar Koyar da Harkokin Mulki ta Jami'ar Ahmadu Bello. Sai dai akwai wasu kurakurai da suka zauna daram a cikin wannan Turanci na takarda, har ido ya daina ganinsu. Ba a manyan kalmomi suke ba. Suna cikin 'yan ƙananan kalmomin nan da ke bin bayan aikatau, irin su *about* da *for* da *to* da *with*, waɗanda malaman Turanci ke kira firifozishin. Abin da nake son nunawa shi ne kurakuran nan suna da tushe sananne, kuma wanda ya gane tushen ba ya bukatar haddace dogon jeri kafin ya gyara rubutunsa.

A ɗauki misalin wasiƙar da ƙungiyar wata unguwa za ta aika wa shugaban ƙaramar hukuma bayan ruwan damina ya shiga gidaje. Ga irin jimlolin da ake yawan gani: *We write to request for an audience to discuss about the blocked drainage, which resulted to flooding. The new culvert is different with the one approved. Kindly reply us back.* Jimla uku ce kacal, ladabinta ya cika, bukatarta ta fito, amma wurare shida ne ke neman gyara, kuma ba duka ne nauyinsu ɗaya ba.

Biyun farko 'yan gida ɗaya ne. A Turanci *discuss* aikatau ne so-karɓau, wato yana faɗa wa abin da ake magana a kansa kai tsaye ba tare da ɗan aike ba: *discuss the drainage*. Haka *request* idan aikatau ne: *request an audience*. To, daga ina *about* da *for* suka shigo? Ta ƙofa biyu. Ta farko ita ce Hausarmu, domin mu muna tattaunawa ne a kan abu ko game da abu, don haka marubuci yakan ji jimlar ta yi tsirara idan bai saka kwatankwacin "a kan" ba. Ta biyu kuwa a cikin Turancin take, kuma ta fi ƙarfi, shi ya sa ake jin kuskuren a bakin Bayarabe da Ba'indiye waɗanda ba su jin Hausa. Kowane ɗaya daga aikatan nan yana da suna ɗan'uwansa, kuma sunan yana ɗaukar ƙaramar kalmar da aikatau ya ƙi. Daidai ne a rubuta *a discussion about the drainage* ko *our request for an audience*. Ga kuma maƙwabta masu ma'ana kusan ɗaya da suke ɗauka, wato *talk about* da *ask for*. Kunne ya saba jin haɗin a wurin da ya halatta, sai hannu ya kai shi inda bai halatta ba.

Wannan ya ba mu gwaji mai sauƙi. A dubi abin da ya gabaci kalmar. Idan *a* ne ko *the* ko *our*, suna ce, a bar mata ƙaramar kalmarta. Idan *to* ne ko *we* ko *will*, ko kuma kalmar ta ƙare da *-ed*, aikatau ce, a cire. Da gwajin nan guda ake gyara dangin gaba ɗaya: *demand for* da *order for* da *emphasise on* da *stress on*, duk ana sauke musu wutsiya idan aikatau ne, ana barinta idan suna ne, kamar a *the demand for fertiliser* da *emphasis on punctuality*. Shi ma *comprise of* aro ne daga *consist of*, gyaransa shi ne a zaɓi ɗaya, ko *comprises* shi kaɗai ko *consists of*. Amma gwajin yana da iyaka, kuma dole a faɗe ta, don kada mai ɗoki ya bi takardarsa yana tsinke kowace ƙaramar kalma. Akwai aikatan da ba su rabuwa da tasu ko ana ha-maza-ha-mata: *apply for*, *complain about*, *comply with*. A nan aikatau da suna tafiyarsu ɗaya. Ƙa'idar ta shafi wancan ƙaramin dangi ne kawai, kuma hanyar tabbatarwa ita ce ƙamus na masu koyo, irin na Oxford da ke kusan kowane ɗakin malamai. Kada a tsaya ga ma'anar kalma, a dubi tsarin da aka rubuta a ƙarƙashinta, inda za a ga abu kamar *discuss something with somebody*. Wannan layin shi ne amsar.

Jimlar ƙarshe ta wasiƙar tana da abin lura, domin an saka abin da ba a bukata an kuma bar abin da ya wajaba. Kalmar *reply* ta riga ta ƙunshi mayarwa, don haka *back* maimaici ne, mai yiwuwa inuwar "mayar da amsa" ce. Wannan ƙaramin laifi ne, Turawan ma suna yinsa a hira. Babban laifin shi ne rashin *to*. Bahaushe yana amsa wasiƙa kai tsaye, haka ma *answer the letter* daidai ne, amma *reply* ba ya isa ga mutum ko takarda sai ta hannun *to*: *reply to us*, *reply to our letter*. Wanda ya goge *back* ya bar *reply us* ya kashe maciji ne bai sare kansa ba.

Batun *different* kuma yana bukatar adalci, domin an cika tsananta masa. Ana yawan koyar da cewa *different than* kuskure ne ƙarara, alhali Amurkawa masu ilimi suna rubuta shi, musamman idan cikakkiyar jimla ce ta biyo baya, Ingilawa kuma suna cewa *different to*. Abin da ya tabbata shi ne *different from* yana karɓuwa a ko'ina, kuma shi ne mafi aminci a ƙasar da makarantunta ke bin Turancin Ingila. Wanda ba shi da mazauni a ko'ina shi ne namu na gida, *different with*, wanda ya fito kai tsaye daga "ya bambanta da". Wannan "da" ta Hausa tana yin ayyuka masu yawa, ita ce kuma ke haifar da *married with* a inda ake nufin *married to*.

Mai karatu zai iya cewa, to mene ne abin damuwa tunda an fahimci saƙon? A mafi yawan misalan nan gaskiyarsa ce, babu shugaban da zai kasa gane *discuss about*. Amma a koma ga *resulted to* na cikin wasiƙar. Aikatau *result* yana da hanya biyu masu fuskantar juna. *The blockage resulted in flooding* na nufin toshewar magudana ce ta jawo ambaliya, wato laifin yana kan wanda bai yashe ba ko wanda ya gina kwalbati mara kyau. *The blockage resulted from flooding* na nufin ambaliyar ce ta toshe magudanar, wato ikon Allah ne, ba a tuhumar kowa. Shi *resulted to* ba ya nan ba ya can, kuma takardar da za ta kwana a fayil, wani jami'i ya ɗauko ta bayan wata shida don yanke shawarar wanda zai biya kuɗin gyara, bai kamata ta bar wannan ƙofa a buɗe ba. Haka *attend the meeting* halartar taro ne, *attend to the visitors* kuwa kula da baƙi ne. *Search the office* umarni ne a bincike ofis ciki da bai, *search for the file* neman fayil ne da ya ɓata. Hannun da ya saba sakaci a inda ma'ana ba ta sauyawa ba zai farga ba ranar da ya iso inda take sauyawa.

Akwai hujja ta biyu wadda ta fi ta farko nauyi. Masana harshe sun daɗe da yarda cewa Turancin Nijeriya nau'i ne mai zaman kansa. David Jowitt ya rubuta littafi sukutum a kan yadda 'yan Nijeriya ke sarrafa Turanci a 1991, kuma a Janairun 2020 babban ƙamus na Oxford ya shigar da kalmomi 29 daga Nijeriya, har da sunan masana'antar finafinan Kano. Me zai hana a ce *discuss about* ma namu ne? Amsata ita ce a dubi abin da aka karɓa. Kalmomi ne da ma'anoni, wasunsu na abubuwan da Bature ba shi da sunansu, kamar ɗan acaba da motar haya ta Legas. Ginin jimla daban yake, kuma masu riƙe da ƙofofin da yaran birni za su bi ba su sassauta a kansa ba. Jarrabawar WAEC da NECO da JAMB har gobe suna tambayar wace ƙaramar kalma ce ta dace a gurbi, kuma ɗalibin Alhudahuda ko Barewa da ya zaɓi *discuss about* ya rasa makin. Mai tace takardun neman aiki guda ɗari ba ya zama muhawarar nau'o'in Turanci, dalilin rage tulin yake nema. Wataƙila wata rana hukumomin nan su sauya ma'auni, amma bai dace a sa yaron da ke neman gurbi bana ya biya kuɗin wannan jira ba.

Dalilin da ya sa kurakuran suka ƙi mutuwa kuwa ba taurin kan ɗalibai ba ne, kwafi ne. Wasiƙar ofis ba a cika ƙirƙirarta ba. Sabon akawu yakan buɗe tsohon fayil ya bi sawun na gabansa, mai shagon buga takardu kuma yana da samfuri ajiye a kwamfuta, suna da kwanan wata kawai yake sauyawa. Kuskure ɗaya a samfurin nan yana fita a takarda ɗari, kuma jan layin da kwamfuta ke yi ba abin dogaro ba ne a nan, tunda kowace kalma rubutunta daidai yake, haɗin ne ya karkace. Don haka gyara mafi arha shi ne a gyara samfurin. Shugaban makaranta ko sakataren ƙungiya ya karɓi wasiƙun da aka fi maimaitawa, ya sa a nemo *discuss* da *request* da *reply* da *result* da *different* a cikinsu, a duba abin da ya bi kowace. Wasiƙar unguwar da muka fara da ita, in an yi mata haka, za ta koma: *We write to request an audience to discuss the blocked drainage, which resulted in flooding. The new culvert is different from the one approved. Kindly reply to us.* An cire kalma uku, an sauya biyu, an ƙara ɗaya, kuma yanzu takardar ta faɗi ƙarara cewa toshewar ce ta kawo ruwan.