"Yi Haƙuri" Kaɗai Ba Ta Sauya Atamfa

Wata Hajiya a Katsina ta yi odar atamfa turmi 10 daga Kantin Kwari a Kano, ankon bikin ƙanwarta. Shuɗiya ta zaɓa a hoton da aka tura mata ta waya. Da ta karɓo kayan a tasha ta kwance, sai ga koriya, zane iri ɗaya. Saura kwana 9 biki, ga tela yana jira.

Mai shagon bai yi gardama ba. Sai da ya duba hoton da ta zaɓa, ya gwada da abin da ya rage a kanta, sannan ya kira ta:

"Hajiya, na duba. Shuɗiya kika ce, koriya muka ɗaure miki. Kuskuren daga wurinmu ne, ki yi haƙuri. Gobe da safe zan sa miki shuɗiyar a motar Katsina, in turo miki hotonta kafin a ɗaure. Ki ba direban koriyar, kuɗin mota zuwa da dawowa a kaina. Don Allah kada tela ya sa almakashi."

A lura da inda "ki yi haƙuri" ta faɗo: sau ɗaya, bayan an ambaci laifin. A Hausa, da wanda ya taka ka da wanda ya ga an taka ka, duk "yi haƙuri" za su ce. Saboda haka kalmar ita kaɗai ba ta nuna wanda ya ɗauki laifi. "Daga wurinmu ne" ita ta yi wannan aikin. Yaron shago ne ya ɗaure kayan, amma mai gidan bai ambace shi ba, kuma ya kyauta. Hajiya da shi ta yi ciniki, shi ta tura wa kuɗi.

Abin da ya fi damuna shi ne magiya. Wani zai kira sau biyar yana "don girman Allah ki rufa mini asiri, ban yi barci ba." Sai ka ga wadda aka ɓata wa ta koma lallashin wanda ya ɓata, ga shi har yanzu ba ta ji ranar da kayanta za su iso ba. Haka ma saurin cewa "ƙaddara ce": in mai kaya ta faɗa, yafiya ce, amma a bakin mai shago tana kama da zillewa.

Da a ce shuɗiyar ta ƙare a kasuwa, ba zai ce "gobe" ba. Sai ya faɗa mata a kiran farko, ya bar mata zaɓi: ko ta riƙe koriyar da ragi, ko a mayar mata da kuɗinta cif a ranar, tun tana da sauran kwanakin neman wani ankon.