Daga Kano Zuwa Legas a Bas: Shirin da Ake Yi Kafin a Isa Tasha

Tsakanin Kano da Legas akwai tazarar kilomita dubu da ɗoriya, kuma mai bin babbar bas daga Sabon Gari yakan kwana a hanya. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota ya daina zama wuri ɗaya, don haka a je tasha a tambayi farashi ana gobe tafiya, kada a dogara da abin da wani ya biya bara.

Kuɗin kujera ba shi ne kuɗin tafiya ba. A ce tikiti naira 40,000 ne. Mai buhu biyu zai biya kuɗin kaya daban, wanda ake ciniki da masu lodi kafin a saka kayan a but. Sai abinci sau biyu ko uku, da ruwan sha, da kuɗin banɗaki, da na motar da za ta kai mutum masauki a Agege ko Alaba Rago. A ware wa waɗannan kamar 15,000, sannan a ɓoye wata 10,000 saboda lalacewar mota. A riƙe tsabar kuɗi, a raba su gida biyu, canji a aljihu, sauran a jiki, domin akwai wuraren da sabis ke ɗaukewa, tura kuɗi ta waya ya gagara.

Hanya ma abar tambaya ce. Wasu direbobi na bi ta Kaduna, Abuja da Lokoja, wasu ta Mokwa, Jebba da Ilorin. A ji ta bakin direba inda zai tsaya da minti nawa zai ba fasinjoji. Idan an tsaya, a fara da banɗaki da alwala, sannan abinci mai zafi da aka zuba a gaban ido. Matafiyi na da sauƙin ƙasaru da haɗa salloli. Kafin a sauka a rubuta lambar motar, don cikin dare motocin kan yi kama da juna.

Kaya sun fi ɓacewa a inda wasu fasinjoji ke sauka a hanya, kamar Ibadan, lokacin da aka buɗe but mai kaya yana barci. Maganinsa shi ne a rubuta suna da lambar waya a jikin jaka da cikinta, a ɗaura mata ƙyalle mai launi, a tsaya har a ga inda aka ajiye ta, a karɓi rasit. Waya, magani, takardu da kuɗi kuwa su zauna a ƙaramar jaka a kan cinya.

Ko kusa kada a karɓi saƙon wanda ba a sani ba, komai roƙonsa. Idan jami'an NDLEA ko kwastam suka sami haramtaccen abu a shingen bincike, wanda aka samu kayan a hannunsa shi zai amsa tambaya.