Waya ɗaya, na'ura casa'in: yadda ake lissafa zoben jiniyar gobara

A tsohon tsarin jiniyar gobara, idan hayaƙi ya tashi, abin da allon fanel zai gaya wa maigadi shi ne akwai wuta a hawa na biyu. Wane ɗaki? Sai ya bi ƙofa-ƙofa yana dubawa. A tsari mai adireshi kuwa, kowace na'urar jin hayaƙi tana da lambarta, kuma fanel yana bin su ɗaya bayan ɗaya yana tambaya, kowace tana amsawa. Wadda ta ji hayaƙi za ta ba da lambarta, allo ya rubuta "ɗaki na 214". Dukansu suna rataye ne a kan waya ɗaya mai jijiya biyu, wadda ke fita daga fanel, ta zagaye ginin, ta dawo cikin fanel. Wannan zagaye shi masu aikin ke ce wa lup, wato zobe. Hikimar dawowar ita ce, in waya ta tsinke a tsakiya, fanel zai ci gaba da ciyar da na'urorin ta kai biyu, babu wadda za ta mutu.

Duk lissafin da ake yi wa zoben nan, ana yin sa ne domin ranar da abubuwa suka lalace: waya ta tsinke, wutar Nefa ta ɗauke, kuma ga hayaƙi. Zoben da ke aiki lafiya ranar da ɗan kwangila ya miƙa mabuɗi bai nuna komai ba tukuna.

A ɗauki misalin otal mai hawa uku a Kano, da ɗakunan kwana, da zauren taro, da kicin, na'urori 90 a zobe ɗaya. Adadin bai wuce iyaka ba, domin zoben Apollo XP95 yana ɗaukar adireshi 126, na Hochiki kuma 127. Ƙa'idar da za mu bi ita ce ta Birtaniya, BS 5839-1, wadda injiniyoyi da yawa a Najeriya ke aiki da ita. Ta Amurka, NFPA 72, tana da nata alƙaluman dabam, kuma ba a cakuɗa su a gini ɗaya.

Ƙa'idar tazara gajera ce. A ƙarƙashin shimfiɗaɗɗen silin, kada a samu wani wuri a ɗaki da ya fi mita 7.5 nisa daga na'urar jin hayaƙi mafi kusa. Na'urar jin zafi kuwa, mita 5.3 ne iyakarta, domin zafi ba ya tafiya nesa kamar hayaƙi. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a duba bango a manta da kusurwa. Zauren otal ɗin namu yana da tsawon mita 20 da faɗin 12. Idan aka sa na'ura biyu, kowace ta samu rabin zauren, mita 10 da 12. Daga na'ura zuwa bango mita 5 ne ta wani gefe, 6 ta ɗaya gefen, sai mutum ya ga kamar an wuce wurin. Amma daga na'urar zuwa kusurwa mita 7.8 ne. An zarce iyaka da santimita 30, kuma a kusurwar nan ce ake jibge kujeru da labule bayan biki. Da na'ura uku a jere, nisan kusurwa ya sauko zuwa kusan mita 6.9, shi ke nan an samu. Kicin mai mita 10 da 6 ma haka: na'urar jin zafi ɗaya a tsakiya tana da mita 5.8 zuwa kusurwa, don haka sai biyu. Ba a sa ta hayaƙi a kicin, in ba haka ba duk wanda ya soya albasa sai ya tayar da baƙi daga barci.

Barandar da ke tsakanin ɗakuna tana da sassauci. In faɗinta bai wuce mita 2 ba, ana iya barin mita 15 tsakanin na'ura da na'ura, da 7.5 daga bangon ƙarshe. Baranda mai mita 30 na'ura biyu sun ishe ta, amma daidai wa daida, babu ragi ko kaɗan.

Abin da zanen takarda ba ya nunawa shi ne abin da ke sama da kai. Bim ɗin kankare da ya sauko fiye da kashi 10 cikin 100 na tsawon ɗaki ana ɗaukarsa tamkar bango, domin hayaƙi yana taruwa a bayansa kafin ya tsallaka. A zaure mai tsawon mita 4, bim da ya wuce santimita 40 ya raba zauren gida biyu ke nan, kowane ɓangare da nasa lissafin. Ba a kafa na'ura ƙasa da rabin mita daga bango, ko ƙasa da mita ɗaya daga bakin iyakwandishan. A gine-ginenmu akwai kuma fankar sama, wadda ke tarwatsa hayaƙi kafin ya isa na'urar. Ban ga amfanin na'urar da aka maƙala dab da fanka don kawai a nan wayar ta fi saurin kaiwa ba.

Sai batun tsawon waya, inda aka fi yin sakaci domin ba a gani da ido. Takardun masu ƙera fanel sukan ce zobe na iya kai kilomita ɗaya ko biyu, amma wannan magana ce mai sharaɗi. Waya tana cin wani kaso na ƙarfin wutar da ke bi ta cikinta, kuma abin da take ci yana ƙaruwa da tsawonta, da sirantarta, da yawan wutar da ake ja. Jijiyar jan ƙarfe mai kaurin milimita murabba'i 1.5 tana da turjiyar om 12.1 a kowace kilomita. Zoben otal ɗinmu mita 900 ne, kuma wutar tana tafiya ta jijiya ɗaya ta dawo ta ɗaya, sai a ninka biyu: kusan om 21.8. Lokacin da babu gobara, na'urorin kaɗan suke ja, ba a jin komai. Amma idan jiniyoyin da ke kan zoben suka tashi gaba ɗaya, a ce ana jan amfiya 0.4, labari ya canza.

A nan ne ake kawo mummunar ranar. A ƙaddara wayar ta tsinke dab da fanel, ta yadda duk zoben ya koma dogon layi ɗaya da ake ciyarwa ta kai ɗaya, a kuma ƙaddara nauyin duk yana can ƙarshe. Om 21.8 sau 0.4 ya ba da asarar bolt 8.7. Idan fanel yana fitar da bolt 24, na'urar ƙarshe za ta samu 15.3, alhali na'urori irin XP95 suna buƙatar aƙalla 17. Gaskiya ne wannan lissafi ya tsananta, tunda jiniyoyi a warwatse suke a kan layin, kuma masu ƙera fanel suna da manhajar da ke lissafawa dalla-dalla. Amma in lissafin hannu ya faɗi da tazara irin wannan, gargaɗi ne. Da waya mai kaurin 2.5, wadda turjiyarta om 7.41 ce a kilomita, asarar ta koma bolt 5.3, na'urar ƙarshe ta samu 18.7. Ko kuma a raba ginin zobe biyu.

Alamar zoben da ya yi tsawo tana da saukin ganewa in an san ta. Da rana komai lafiya. Ana gwajin jiniya sai allon ya fara cewa wasu na'urori sun ɓace, kuma kullum waɗanda suka fi nisa daga fanel ne, jiniya na yin shiru su dawo. Mai gyara da bai gane ba zai ta canza na'urori masu lafiya. Haka ma in an yi amfani da wayar nan mai araha, alminiyam da aka shafa wa jan ƙarfe, turjiyarta ta fi ta ainihin jan ƙarfe nesa ba kusa ba, kuma lissafin da aka yi a takarda ya tashi a banza. Wayar zobe mai jure wuta ake so, kuma tafiya da dawowa kada su bi bututu ɗaya, don kada guduma ɗaya ta yanke su tare. Tsinkewa ma ta fi sauƙi a kan haɗuwar jijiyoyin biyu, domin haɗuwa tana iya kashe zoben duka. Maganinta shi ne 'yan na'urorin keɓewa da ake sawa a kan layi, waɗanda ke datse ɓangaren da ya lalace su bar sauran. BS 5839-1 ta ce kada lalacewa ɗaya ta hana kariya a fili da ya wuce mita murabba'i 2,000. A otal irin namu, a sa su aƙalla a mashiga da mafitar kowane hawa.

Batir shi ne na ƙarshe a lissafi, kuma shi ne ya fi shafar mu. Ƙa'idar tana so batir ya riƙe tsarin awa 24 ba tare da wutar gari ba, sannan ya iya kaɗa jiniya na minti 30 a ƙarshen hakan. Ga yadda ake rubuta shi:

```
C = 1.25 × (T1 × I1 + D × I2 / 2)
```

T1 shi ne awoyin jira, I1 wutar da ake ja lokacin da babu gobara, I2 wadda ake ja lokacin da jiniya ke kuka. Ana raba I2 biyu saboda rabin awa ce. D yawanci 1.75 ne, domin batir da aka ja da ƙarfi ba ya ba da duk abin da aka rubuta a jikinsa. Shi kuwa 1.25 ɗin, rarar tsufan batir ce.

A ce fanel ɗinmu da na'urorinsa 90 suna jan amfiya 0.2 a zaune, da 0.9 lokacin gobara. Awa 24 sau 0.2 ya zama 4.8. Ɓangaren jiniya ya zama kusan 0.79. A haɗa su a ninka da 1.25, an samu 6.98. Batir mai 7Ah ya ci jarrabawa da ƙyar. A lura da inda nauyin yake: kukan jiniya ɗan kaɗan ya ci, zaman jiran ne ya cinye kusan komai. Kuma fanel yana aiki da batura biyu masu bolt 12 a jere don a samu 24, amma hakan bai mayar da 7Ah zuwa 14 ba, yana nan 7.

Awa 24 ɗin nan an tsara ta ne a ƙasar da ake sa ran wuta ta dawo kafin gobe. Ƙa'idar ta ma yarda a rage zuwa awa 6 in akwai janareta mai tashi da kansa, amma janaretan da manaja ke kashewa da tsakar dare don tsimin dizal bai cancanci wannan rangwamen ba. In taransifoma ta ƙone a unguwa, kwana biyu ba komai ba ne. A sa T1 ya zama 48 a lissafin nan, sakamakon ya kai kusan 13, wanda ya wuce batir mai 12Ah, sai a tafi ga mai 17Ah. Kafin a saya a duba abu biyu: ko zai shiga akwatin fanel, da ko cajar fanel za ta iya cika shi. Ƙa'idar Turai ta EN 54-4 tana so caja ta mayar da batir zuwa kashi 80 cikin 100 a awa 24 na wuta ba yankewa, abin da gini mai samun wuta awa shida a rana ba zai ba ta ba.

Zafi ma yana da nasa rabon. Ƙarfin da aka rubuta a jikin waɗannan batura an auna shi ne a digiri 20 zuwa 25, kuma kowane ƙarin digiri 10 yana rage rayuwarsu da kusan rabi. Batir da ake sa ran ya yi shekara huɗu, in yana zaune a ɗakin maigadi mai rufin kwano a watan Afrilu, da wuya ya kai. Shi ya sa ake rubuta ranar sa batir a jikinsa da alƙalami mai kauri. Gwada shi da mita kawai bai isa ba, domin batir da ya gaji yana iya nuna bolt 13 yana kan caja. Sai an cire wutar gari, an kaɗa jiniya, an tsaya ana kallon mitar don a ga ko ƙarfin zai tsaya ko zai zube cikin 'yan mintuna.