Yadda Ake Jera Tarihin Fayil ɗin Ladabtarwa Domin Kwamitin Bita

Fayil ɗin ma'aikacin da aka ladabtar yakan kai shafi ɗari biyu ko uku kafin maganarsa ta iso gaban kwamitin bita. A ciki akwai takardar tuhuma da amsarta, bayanan shaidu, rahoton masu binciken kuɗi, takardun gayyata, rubutaccen bayanin zaman kwamitin ladabtarwa, da wasiƙar hukunci. An jera su ne bisa ranar da kowace ta iso hannun magatakarda, wanda sau da yawa ya sha bamban da ranar da abin ya faru. 'Yan kwamitin bita kuwa mutane ne masu nasu ayyukan, da wuya su samu sukunin karanta kowane shafi. Shi ya sa ake ɗora wa sakataren kwamiti aikin fitar da jadawali mai nuna abin da ya faru rana bayan rana, da wanda ya gani, da takardar da ta tabbatar da shi.

Aikin yana farawa da ƙidaya. Kafin a karanta komai, ana bin lambobin shafi daga na farko zuwa na ƙarshe, a tabbatar babu wanda ya ɓace. In aka tsallaka daga shafi na 46 zuwa na 51, a rubuta cewa shafi huɗu ba sa nan, a kuma tambayi ofishin rajista a rubuce. Ba a warware fayil na asali don sake jera shi, domin yadda takardu suka biyo juna a cikinsa shi ma shaida ne. Kwafi ake yi, a yi aiki a kansa.

Daga nan sai a ja jadawali, a takarda ko a kwamfuta. Kowane layi yana ɗauke da abu ɗaya da ya faru: ranarsa, bayaninsa cikin jimla ɗaya, sunan wanda ya yi ko ya faɗa, lambar shafin da aka samo shi, da ɗan fili na ƙarin bayani. Duk layin da ba shi da lambar shafi ba shi da hurumin zama a jadawalin, ko da kowa a ma'aikatar ya san abin ya faru.

Inda aikin yake da wuya shi ne wajen ranaku, domin kusan kowace takarda rana uku gare ta. Akwai ranar da abin da take magana a kai ya faru, akwai ranar da aka rubuta ta, akwai kuma ranar da ta isa hannun wanda aka aika wa. Mai gaggawa yakan ɗauki ranar da ke saman takarda ya wuce, kuma daga nan ne mafi yawan kurakurai suke tasowa.

Misalin da ke biye ƙirƙirarre ne, amma irinsa ba baƙo ba ne a ma'aikatun gwamnati. An kori ma'ajin sito na wani asibiti a shekarar 2023 bisa ɓatan katan 40 na magani, ya ɗaukaka ƙara. Rahoton kwamitin ladabtarwa ya ce an ba shi takardar tuhuma ranar Litinin 6 ga Maris, aka ɗiba masa awa 72, shi kuwa bai amsa ba sai 15 ga wata, bayan kwana tara, abin da kwamitin ya lasafta a matsayin raini. Ranar 6 ga Maris ɗin tana nan a saman takardar, babu ƙarya a ciki. Sai dai can a shafi na 112 akwai kwafin littafin kai wasiƙu, inda ma'ajin ya sa hannu cewa ya karɓa ranar 13 ga Maris. Ke nan cikin kwana biyu ya amsa. A jadawali wannan layi uku ne: an rubuta tuhuma 6 ga Maris, an miƙa ta 13 ga Maris, an karɓi amsa 15 ga Maris bisa hatimin rajista. Da an dunƙule su a layi ɗaya, da mako gudan da takardar ta yi a kan teburin wani ya zama laifin ma'aji.

Haka ma ɓatan maganin. Ranar Alhamis 2 ga Maris aka yi ƙidayar da ta gano giɓin, amma wannan ranar ganowa ce. Ranar ɓata ba a san ta ba. Abin da fayil ya nuna shi ne ƙidayar da ta gabata, ta 31 ga Janairu, ta samu kaya a cike. Don haka sakatare zai rubuta cewa kayan sun ɓata tsakanin 31 ga Janairu da 2 ga Maris, sannan ya nemi duk abin da ya auku cikin waɗannan kwanaki 30. A nan ne takardar hutu, wadda ake ganin ba ta da alaƙa da tuhumar, take yin amfani: ma'ajin ya tafi hutu daga 13 zuwa 24 ga Fabrairu, mataimakinsa ya riƙe makulli. Takardar miƙa aiki ta tafiya tana cikin fayil, ta dawowa babu. Rashinta ma ana ba shi layinsa, a rubuta cewa ba a samu takardar karɓar aiki ta 27 ga Fabrairu a fayil ba. Iyakar abin da za a ce ke nan. Cewa ba a yi ta ba wata magana ce dabam, wadda sakatare ba shi da hujjarta.

Shaidu suna bukatar nasu jadawalin a gefe. Ga kowane mutum ana rubuta muƙaminsa a lokacin da abin ya faru, ranar da ya ba da bayani, ko a rubuce ne ko da baki, ko da idonsa ya gani ko ji ya yi, da ko wanda ake tuhuma yana wurin har ya samu damar yi masa tambaya. Mutane ba kasafai suke tuna kwanan wata ba. Da azumi, da sallah, da ranar kasuwa, da ranar albashi suke auna lokaci. Kada a raina irin wannan lissafi, don yakan fi rana da aka ƙaga daga baya inganci. A misalin nan, maigadi ya ce ya ga ma'aji yana loda katan-katan a mota «muna cikin azumi». Azumin 2023 a Najeriya ya fara ne ranar 23 ga Maris, mako uku bayan ƙidayar da ta gano giɓin. Ko dai maigadin ya rikita lokaci, ko kuwa wasu kaya dabam ya gani. Sakatare zai sa kalmomin maigadin yadda ya faɗe su, ya rubuta ranar fara azumi a filin ƙarin bayani, ya bar wa kwamiti su kira shi su tambaya.

Jadawalin mutane yana tona wani abu kuma: suna ɗaya da ya fito a matsayi biyu. In shugaban sashen da ya rubuta tuhuma ya sake fitowa cikin shaidu, ko ya zauna a kwamitin da ya yanke hukunci, dole a nuna haka ƙarara. Sashe na 36 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya tabbatar da 'yancin sauraron kowane ɓangare cikin adalci. Tun kafinsa ma, a 1986, Kotun Ƙoli ta soke korar ɗaliban Jami'ar Maiduguri a shari'ar Garba, wadda ta samo asali daga tarzomar Fabrairun 1983. Cikin abubuwan da suka jawo haka har da kasancewar mataimakin shugaban jami'ar, wanda ya jagoranci kwamitin bincike, yana cikin waɗanda tarzomar ta shafa.

Akwai wata matsala ƙarama da takan yi babbar ɓarna, wato ranar da aka rubuta da lambobi zalla. A Najeriya rana ake farawa da ita sannan wata, amma kwamfutar da aka saita bisa tsarin Amurka wata take sawa a gaba. Bayanin zaman kwamitin ladabtarwa a misalin yana ɗauke da 04/05/2023, takardar gayyata kuwa 27 ga Afrilu. In 5 ga Afrilu ake nufi, an yi zama kafin a gayyaci mutumin. In 4 ga Mayu ne, komai ya tafi daidai. Ana warware wannan da wata takarda: rajistar halarta ta ce Alhamis, 4 ga Mayu kuwa Alhamis ce, 5 ga Afrilu Laraba. Saboda haka ake ajiye kalandar shekarar a gefe, a kuma rubuta sunan wata da haruffa a duk jadawalin. Kalandar takan kama wasiƙar da ke ɗauke da ranar Lahadi ko ranar hutun sallah, wadda ta cancanci a tambayi yadda aka yi aka rubuta ta.

Bayan an gama jerawa sai a aza jadawalin a kan ƙa'idar da ma'aikatar take bi. Dokokin aikin gwamnatin tarayya na 2008 sun ce a fara ladabtarwa a kuma kammala ta cikin kwana 60, in ba maganar ta shafi laifin da ke bukatar kotu ba, sun kuma ce a bai wa wanda ke fuskantar kora damar ganin takardun da za a yi amfani da su a kansa. Jihohi da jami'o'i da kamfanoni suna da nasu ƙa'idojin, kuma wadda take aiki a lokacin da abin ya faru ita ake dubawa. A misalin, daga tuhuma ranar 6 ga Maris zuwa wasiƙar kora ranar 19 ga Yuni kwana 105 ne. Sakatare zai rubuta adadin, ya ambaci ƙa'idar. Ko jinkirin ya ɓata hukuncin, wannan na kwamiti ne.

Harshen jadawali yana bukatar tsantseni ƙwarai. «Ma'aji ya kwashe magani» hukunci ne; «maigadi ya ce ya ga ma'aji yana loda kaya, shafi na 73» rahoto ne. Kalmomi irin su «ya ƙi», «da gangan», «a ɓoye» ba sa shiga sai in suna cikin takardar, kuma a nuna na wane ne. Inda takardu biyu suka saɓa, ana kawo su duka biyun kusa da juna. Sakataren da ya zaɓi ɗaya ya jefar da ɗaya ya riga kwamiti yanke hukunci ba tare da kowa ya sani ba, kuma wannan ya fi kuskuren kwanan wata muni, domin ba ya barin alama.

Abin da ake miƙa wa kwamiti kashi biyu ne: taƙaitaccen jadawali na shafi ɗaya ko biyu mai manyan ranaku, da cikakke a bayansa, haɗe da jerin shaidu da jerin takardun da aka nema ba a samu ba. Kafin miƙawa, wani mutum dabam yakan ɗauki layi goma ko ashirin ya bi su zuwa shafukansu. In ya samu kuskure biyu ko uku, a sake bin jadawalin gaba ɗaya. Ana sa masa ranar kammalawa da sunan wanda ya haɗa shi, a adana shi kamar fayil ɗin kansa tunda sirrin mutane ke ciki. Daidai ne kuma a bai wa mai ɗaukaka ƙara da wakilin ma'aikata kwafi, kowa ya nuna inda bai yarda ba tun kafin ranar zama. In maganar ta zarce zuwa Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda gyaran tsarin mulki na 2010 ya ba ta hurumin shari'o'in aiki, waɗannan ranaku da shafukan da suka fito daga ciki ne lauyoyin ɓangarorin biyu za su bi ɗaya bayan ɗaya.