Kafin a Yi Odar Kaya Daga Waje: Awon PESTEL

Kamfanin da ke Kano, wanda zai shigo da batiran sola daga Sin ta tashar Apapa, yana da abubuwa shida da zai duba kafin ya biya kuɗi: siyasa, tattalin arziki, zamantakewa, fasaha, muhalli da doka. Wannan binciken shi ake kira PESTEL. Amma lissafa su kaɗai ba ya wadatarwa, sai an auna nauyin kowanne. Ana ba yiwuwar faruwar abu maki 1 zuwa 5, ɓarnarsa ma haka, sannan a ninka.

A ganina canjin kuɗi ne kan gaba. A watan Yunin 2023 Babban Bankin Najeriya ya bar kasuwa ta tsayar da darajar naira, 'yan kasuwa kuwa suka ji a jikinsu. A ce kayan na dala 50,000 ne. Idan dala ta tashi daga naira 1,500 zuwa 1,650 kafin a gama biya, an ƙara naira miliyan 7.5, kuɗin kwastam ma zai hau, domin da farashin dala ake lissafa shi. Yiwuwa 4, ɓarna 5, maki 20 ke nan.

Doka kuwa tana neman Form M da takardar SONCAP. In babu su, kwantena za ta zauna a tasha, kuɗin ajiya na taruwa kullum. Sai dai wannan a hannun kamfanin yake, saboda haka yiwuwa 2, ɓarna 5, maki 10.

Zafin bazarar Kano yana rage wa batir kwana, masu saye su dawo da ƙorafi: 4 sau 3, maki 12. Ya fi doka nauyi, don haka a tambayi masana'anta iyakar zafin da batirin ke jurewa tun kafin a yi ciniki.