Idan Odita Ya Dogara da Lissafin Wani Gwani

Kamfanin da ya yi wa ma'aikatansa alkawarin garatuti yana ɗauke da bashin da ba wanda ya san adadinsa a yau. Wani zai ajiye aiki baɗi, wani sai bayan shekara 20, wani kuma rai zai yi halinsa kafin nan. Duk da haka, ƙa'idar akanta ta duniya mai lamba IAS 19 ta wajabta a rubuta wannan bashi a rahoton kuɗi na shekara. Najeriya ta fara aiki da irin waɗannan ƙa'idoji a 2012.

Akanta ba ya iya wannan lissafi shi kaɗai, don haka kamfani kan ɗauko gwanin hasashen inshora da fansho, wanda ake kira akcuwari. Shi zai fitar da adadin. Odita, wanda ke zuwa binciken littattafan, shi zai sa hannu cewa rahoton gaskiya ne. To, yaya mutum zai tabbatar da aikin da ba fanninsa ba?

Ƙa'idojin bincike sun raba abin gida biyu. Idan kamfani ne ya ɗauko gwanin, ISA 500 ce ke aiki. Idan odita ne ya ɗauko nasa, sai ISA 620. Ko ta wace hanya, alhakin ra'ayin da aka bayar yana wuyan odita, shi ya sa ba ya ma ambaton gwaninsa a rahoton da bai yi togaciya a cikinsa ba, sai in doka ta tilasta.

Da mutumin ake farawa. Odita zai duba takardun ƙwarewarsa da rajistarsa a Hukumar Kula da Rahoton Kuɗi ta Najeriya, FRC, wadda dokar 2011 ta kafa. Zai kuma bincika ko yana da hannun jari a kamfanin, ko surukin shugaba ne, ko ladansa ya rataya a kan adadin da zai fitar. Haka ake yi wa mai ƙiyasta darajar gidaje da filaye.

Daga nan sai aikin kansa. A ɗauka wata masana'antar robobi ce a Sharaɗa, Kano, wadda ake hasashen za ta biya garatutin naira miliyan 100 nan da shekara 10. Kuɗin da za a biya nan gaba ba ɗaya yake da na hannu ba, saboda haka gwanin zai rage shi da wani kaso na ruwa don a san darajarsa ta yau. Idan ya yi amfani da kashi 15 cikin ɗari, bashin zai kama kusan miliyan 24.7. Idan kashi 12 ne, zai haura zuwa miliyan 32.2. Tazarar kashi 3 kacal ta haifar da bambancin miliyan 7.5, kuma kamfanin da ke son bashinsa ya yi ƙanƙanta a idon banki ya san adadin da ya fi masa daɗi.

Odita ba sai ya iya lissafin akcuwari kafin ya gano wannan ba. Ƙa'idar ta ce a ɗauko kason daga ribar takardun lamuni masu inganci, a Najeriya kuwa galibi na gwamnatin tarayya ake dubawa. Sai ya kwatanta kason gwanin da abin da takardun ke bayarwa a ranar rufe littafi, masu wa'adi kusa da na bashin.

Hasashen ƙarin albashi ma abin dubawa ne, tunda garatuti kan bi albashin ƙarshe. A 2024 hauhawar farashi a Najeriya ta zarce kashi 30, mafi ƙarancin albashi kuma ya tashi daga naira 30,000 zuwa 70,000. Gwanin da ya ce albashi zai riƙa ƙaruwa da kashi 5 a shekara, dole ya kawo hujja, odita kuma zai gwada ta da ƙarin da masana'antar ta yi a shekarun baya.

Wurin da aka fi yin tuntuɓe shi ne bayanan da aka miƙa wa gwanin. Ba shi ke ƙirga ma'aikata ba, abin da ofishin ma'aikata ya turo masa da shi yake aiki. Idan jerin ya nuna mutum 300 alhali takardar biyan albashi na ɗauke da 340, lissafin ya lalace tun daga tushe. Don haka odita kan haɗa jerin biyu, sannan ya zaro wasu fayil-fayil ya duba ranar haihuwa, ranar kama aiki da albashi.

Idan hankalinsa bai kwanta ba, zai nemi gwanin ya sake aikin, ko ya ɗauko nasa gwanin ya lissafa daban. In kamfanin ya ƙi gyara, kuma bambancin ya kai ya sauya shawarar mai karanta rahoton, odita zai yi togaciya a ra'ayinsa, ya bayyana dalili, inda masu hannun jari da bankuna za su gani.